Yadda ake amsa gayyatar biki daga ƙasar waje idan ba za ka samu zuwa ba

Mutanen Damagaram sun bazu a duniya, daga Abijan zuwa Jidda zuwa biranen Faransa, kuma ƴaƴanmu da ke can suna aure. Katin gayyata kan iso ta WhatsApp, kuma galibin waɗanda aka aika wa ba su da halin zuwa. Na daɗe ina rubuta wa dattawan unguwarmu ta Birni irin wannan amsa, kuma abin da na lura shi ne, rashin zuwan ba ya ɓata zumunci. Abin da ke ɓata shi amsa ce mai harshen damo, ko wadda ta iso a makare. Zan yi bayanin da misali guda: wani Alhaji mai shagon yadi a Kasuwar Dole, wanda ɗan ƙanwarsa da ke zaune a Liyon ta Faransa ya gayyace shi bikinsa na ranar Asabar 12 ga Yuli, katin kuma ya nemi a ba da amsa kafin 15 ga Mayu.

Abin da za ka tanada

Katin gayyatar kansa, a buɗe gabanka, domin ka kwafo sunan amarya da ranar biki daidai. Takarda da biro, ko da kuwa saƙon murya za ka aika, saboda wanda ya danna naɗar murya ba tare da ya tsara maganarsa ba yakan yi ta kewaye-kewaye har ya manta da abin da ya kawo shi. Waya mai caji da isasshen data. Lambar wanda ya gayyace ka shi kansa, ba ta dandalin dangi ba. Sai shawara biyu da za ka yanke kafin ka rubuta komai: wace gudummawa za ka yi, kuma wa zai tsaya a madadinka.

1. Karanta katin har ƙasa

A nan gida idan aka raba goro aka ce ɗaurin aure Asabar da ƙarfe takwas, wanda ya samu zuwa ya je, wanda bai samu ba ya bi da Allah sanya alheri daga baya. Tabarma ba ta ƙin ƙarin mutum, tukunya ma haka. A Faransa ba haka lamarin yake ba. Ango yana hayar zauren biki, masu dafa abinci kuma suna caji kan kowane mutum guda, suna son a faɗa masu adadi makonni kafin ranar. Shi ya sa za ka ga an rubuta RSVP a ƙasan katin, da wata rana kusa da shi. Wannan ranar ita ce iyakar lokacin amsa, kuma ita ce ta fi shafar ka, ba ranar bikin ba.

Akwai abu na biyu da mutane ba su cika sani ba. Wanda zai sauke baƙo daga Nijar a gidansa a Faransa sai ya je ofishin magajin garinsu ya nemi takardar masauki, ya biya yuro 30, sannan ya aiko da ainihin takardar domin a haɗa ta da takardun neman biza. Idan ka yi shiru, ko ka ba yaro amsar da ta sa masa rai, zai iya ɗaukar hutun aiki ya yi wannan zirga-zirgar duka a banza.

Duba kuma wa ya aiko. Idan angon ne da kansa ya kira sunanka, amsarka gare shi za ta tafi. Idan mahaifinsa ne ya gayyace ka, to uban za ka fara amsa wa, sannan ka taya ɗan murna daban.

2. Yanke hukunci da wuri, da lissafi

Kada ka bar amsar ta wuce kwana uku zuwa mako guda bayan isowar katin. Zauna ka yi lissafi na gaskiya. A misalin Alhajinmu ga yadda ya kasance. Kuɗin neman bizar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da Faransa take ciki, yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, hakan ya kama kusan jika 59, kuɗin da ba a mayarwa ko an hana ka. Ana buƙatar inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai an rufe shi a Janairun 2024, kamfanin Air France kuma ya dakatar da zuwa Yamai tun Agustan 2023, don haka hanyar ta ƙara tsawo da tsada. Daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota. Ga shi kuma tsakiyar Yuli damina ce, lokacin noman farko, Alhaji yana da gonar hatsi da ba ya bar wa kowa.

Da ya ji wannan jerin sai ya ce, “To ai magana ta ƙare.” Haka ake so. Wanda bai gama yanke hukunci a zuciyarsa ba, rubutunsa ma rawa yake yi.

Wasu kan ji nauyi domin amsa gayyata yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗanʼuwansa, kamar yadda ya zo a hadisi. Gaskiya ne, amma malamai sun yi bayanin cewa uzuri yana sauke wajibcin, kuma nisa da rashin hali uzuri ne bayyananne. Abin da ya rage a wuyanka shi ne ka sanar, ka yi adduʼa.

3. Zaɓi hanyar da saƙon zai bi

Ni a ganina abin da ya fi shi ne a haɗa biyu: gajeren rubutu, sannan murya. Rubutun yana zama shaida, ango zai iya nuna wa amarya ko mai lissafin kujeru ba tare da ya sake sauraro ba. Muryar kuwa ita ke ɗauke da ƙauna, domin yaron da ya shekara bakwai bai ga kawunsa ba muryarsa yake kewa. Saƙon muryar kada ya wuce minti biyu, kuma a naɗe shi cikin ɗaki, ba a bakin shago inda kabu-kabu ke wucewa ba.

Idan wanda ya gayyace ka ya girme ka, ko surukinka ne, rubutu kaɗai raini ne. Kira shi ka faɗa da bakinka, rubutun ya biyo baya. Kula da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gaban Nijar da awa ɗaya, sauran watanni kuma lokacinmu ɗaya. Jidda tana gabanmu da awa biyu, Abijan da Akkara suna bayanmu da awa ɗaya. Ga maʼaikaci a Turai, maraicen Lahadi ya fi kowane lokaci.

Kada ka taɓa ba da amsar rashin zuwa a dandalin dangi. A can Allah sanya alheri kawai ake rubutawa. Da zarar mutum ɗaya ya rubuta a bainar jamaʼa cewa ba zai samu zuwa ba, sai wasu goma su bi sahu, ango ya wayi gari ya tarar da jerin haƙuri a gaban idon kowa.

Wanda bai iya rubutu ba, ko ba shi da babbar waya, ya samu ɗa ko maƙwabci amintacce ya rubuta masa, amma a karanta masa abin da aka rubuta kafin a tura, kuma muryar ta kasance tasa.

4. Tsara saƙon

A nan aikin yake. Saƙon yana da gaɓoɓi shida, kuma jerinsu yana da dalili.

Da farko sallama da gaisuwa, layi biyu sun isa. Na biyu godiya da murna, tare da ambaton sunan amarya da ranar bikin, domin a san ka karanta katin, ba kallon hoton kawai ka yi ba. Na uku maganar rashin zuwa, jimla ɗaya miƙaƙƙiya. Na huɗu dalili guda. Na biyar abin da za ka yi a madadin zuwan. Na shida adduʼa.

Murna tana zuwa kafin haƙuri domin idan ka buɗe da “ka yi haƙuri”, gaban mai karatu faɗuwa yake yi. Wanda ke ƙasar waje, da ya ga saƙo daga gida ya fara da ban haƙuri, rasuwa yake fara tunani.

Gaɓa ta uku ita ce inda kusan kowa ke zamewa. Kunya ta sa ba mu saba cewa aʼa kai tsaye ba, sai mu ce “za mu gani”, “idan Allah ya nufa za ka gan mu”, “muna nan muna ƙoƙari”. Tsakaninmu a gida kowa ya san abin da ake nufi. Amma yaron da ke son kawunsa ya zo zai ɗauki maganar a kan alkawari, amaryarsa kuwa, wadda wataƙila ba a nan ta tashi ba, za ta rubuta sunanka a jerin masu zuwa. Ka rubuta “ba zan samu zuwa ba”. Jimlar ba ta da kaushi idan abin da ke gabanta da bayanta masu taushi ne. In sha Allahu kuwa ka ajiye shi ga abin da da gaske kake da niyyar yi, kamar tarbarsu idan sun zo gida.

Dalili ya zama ɗaya, kuma na gaskiya. Idan ka jero biyar, sai su yi kama da neman mafaka, kuma kowanne ƙofa ce da ango zai yi ƙoƙarin buɗewa. Ka zaɓi wanda ba zai iya warware maka ba. Idan ka ce kuɗin jirgi ne, to ka ɗora masa nauyi, domin zai ji kamar roƙonsa kake ya biya, alhali yana cikin hidima. Idan ka ce biza ce kaɗai, zai ce bari ya aiko da takardu. Alhaji ya haɗa damina da nisan hanyar neman biza cikin jimla guda, suka zama kamar dalili ɗaya, bai ambaci kuɗi ba ko kaɗan. Kada kuma ka ƙirƙiri ciwo. Ban da kasancewarsa ƙarya, Damagaram ba ta da girman da zance zai ɓuya: ranar bikin wani zai ɗauki hotonka garau a wani taron suna, ya sa a waya.

Ga abin da muka rubuta, na cire sunaye:

“Assalamu alaikum. Ɗana, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Katin bikinka da wance na ranar Asabar 12 ga Yuli ya iso ni, na kuma yi farin ciki ƙwarai. Alhamdu lillahi da Allah ya nuna mana wannan lokaci. Na gode da ka tuna da ni ka kira sunana.

Sai dai ina sanar da kai tun yanzu cewa ba zan samu zuwa ba. Bikin ya faɗo tsakiyar damina, ga kuma yadda neman biza ya koma sai an yi doguwar tafiya. Kada ka wahalar da kanka da neman mini takardar masauki, kuma kada a ajiye mini kujera. Wallahi na so a ce ina tsaye kusa da kai ranar nan. Ni na kai ka makarantar allo ranar farko, kana riƙe da gefen rigata kana kuka, na so in ga ranar da za ka zama mai gida.

Yayanka da ke Marsai zai tsaya a madadina, na riga na yi magana da shi. Mu kuma a nan, ranar Asabar ɗin da hantsi za mu taru a gidan mahaifiyarka a yi fatiha, a raba goro. Akwai ɗan saƙo na amarya da zan bayar a kawo.

Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jamaʼa bainakuma fi hairin. Allah ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna, ya kawo zuriʼa ɗayyiba. Ka gaishe mini da ɗiyata amarya da iyayenta. Idan kun zo gida, in sha Allahu walimarku a gidana za a yi.

Kawunka.”

Lura da jimlar makarantar allo. Ita ce ta bambanta wannan saƙon da sauran da yaron zai samu. Kowa zai rubuta Allah sanya alheri, amma mutum ɗaya ne ya san ranar da ya riƙe gefen riga yana kuka. Kafin in rubuta wa kowa irin wannan amsa nakan tambaye shi abu guda da yake tunawa game da ango ko amarya, ƙarami, wanda ya faru da gaske. Layi ɗaya ya wadatar, kada ya zama tarihi, kuma kada ya zama abin da zai kunyata shi idan amarya ta karanta.

Lura kuma da “kada a ajiye mini kujera”. Wannan ita ce jimlar da ta fi yi wa ango amfani a aikace.

5. Gyara harshe daidai da wanda kake yi wa magana

Kawu ga ɗansa zai ce “kai”. Idan abin ya juya, misali gwaggonki da ke Jidda ce ke aurar da ɗiyarta, to “ku” za ki yi amfani da shi, ba za ki kira sunanta ba, kuma neman afuwa zai ƙaru: “Gwaggo, barkanku da hidima. Saƙon bikin ƙanwata ya iso, Allah ya sanya alheri. Ina neman afuwarku, ba zan samu zuwa ba, saboda ranakun sun faɗo lokacin jarrabawar yara kuma ba a ba mu hutu a makaranta. Na so ƙwarai a ce da ni za a yi kamu da kai amarya. Don Allah ku yafe mini.” Ko a nan ma jimlar rashin zuwan ba ta canza ba, abin da ke kewaye da ita ne ya ƙara ladabi.

Tsakanin abokai ko abokan wasa ana iya sa raha, amma bayan an faɗi maganar, ba a maimakonta ba. Idan kuwa dangin amarya ba su jin Hausa, ka sa wani ya rubuta masu layi biyu na taya murna da harshensu, a tura wa ango ya miƙa. Suna jin daɗin hakan fiye da yadda ake zato.

Abubuwan da ba su da wuri a wannan saƙo: tambayar me ya sa ba a zo gida aka yi bikin ba, tambayar asalin amarya, ƙorafin cewa an daɗe ba a kira ka ba, da roƙon a aiko da waya ko a nemo wa ƙane hanyar tafiya. Ko da maganar tana da tushe, ba ranarta ba ce.

6. Cika abin da ka ce za ka yi

Wakili sai an nemi yardarsa kafin a ambace shi. Idan ba ka da kowa a ƙasar, cire wannan layin, ka ƙarfafa na gida: ka je gidan iyayen ango ko amarya da ƙafarka, a Zango suke ko Garin Malam, ka yi Allah sanya alheri. Uwar ango za ta faɗa wa ɗanta kafin ka iso gida.

Batun gudummawa, ina da raʼayi. Jika 50 kuɗi ne masu nauyi a Damagaram, amma idan suka isa Liyon yuro 76 ne, kafin a cire kuɗin aikawa. Ba za su rage wa ango komai ba. Waɗannan kuɗin idan aka ba mahaifiyarsa ta yi hidimar ƴan taya murna, ko aka sayi goro da abincin fatiha, sun fi yin tasiri nesa ba kusa ba. Idan dai kuɗin kake so su isa hannunsa, tambaye shi sunansa yadda yake a takardar shaidarsa harafi da harafi, domin sunan da muke kiransa da shi a gida sau da yawa ba shi ne a fasfo ba, kuma ba za a ba shi kuɗin ba idan sunayen suka saɓa.

Kaya sun fi kuɗi daɗin karɓa: turaren wuta da humra na amarya, turmin atamfa, ko aikin fatar dukawan Damagaram, jaka ko matashi. Amma kada ka ba matafiyi kilishi ko cuku. Dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara cikin kayan fasinja daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi, wataƙila har a ci mai ɗauke da su tara. Kuma kada ka faɗi a saƙo takamaiman abin da za ka aika sai ya shiga hannun mai tafiya. Shi ya sa Alhaji ya ce “ɗan saƙo” kawai.

7. Bayan ka tura

Karanta sau ɗaya da babbar murya kafin ka danna, ka duba sunan amarya da kwanan wata. Idan kwana biyu suka wuce alamar ta nuna an karanta amma ba amsa, kada ka ɗauka fushi ne, mai shirin biki ba ya da sukuni. Kira shi a ƙarshen mako.

Sau da yawa ango zai dawo da “Kawu, ni zan biya jirgin.” Idan da gaske hakan ya canza lissafinka, faɗa masa a ranar. Idan bai canza ba, gode masa, ka maimaita jimlarka ba tare da ƙaro sabon dalili ba: “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Riƙe kuɗinka ka yi hidimar iyalinka, wannan karon ba zan samu zuwa ba.” Sabon dalili yana sa a yi shakkar na farko.

Ranar bikin tura gajeren saƙon murya da safe, kada ka kira, domin wayarsa tana hannun abokai. Idan an yi fatihar gida, ɗauki hoto ɗaya ko biyu na dattawa a kan tabarma da faifan goro, ka tura masa. Kiran bidiyo kuwa ka bari sai bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da baƙi suka watse, ka ce a ba ka amarya ku gaisa.